Ajandar Taron Majalisar Ikilisiya: Lokaci, Takardu da Abin Yankewa

Yawancin fastocin da suka yi aiki a Samaru ko Sabon Gari sun san irin taron dattawan da ake fara shi da rana tsaka, a tashi bayan faɗuwar rana, amma babban abin da ya tara mutane bai samu hukunci ba. An ci awa ɗaya ana gyara minit na taron baya, an ci wata awar a kan kuɗin abincin baƙi, sai da mutane suka fara duban agogo aka iso ga maganar rufin majami'a. A nan ɗaya daga cikin abu biyu ne ke faruwa. Ko a ɗage maganar zuwa wata mai zuwa, ko kuma a amince da miliyoyin naira cikin minti biyar domin kowa ya gaji.

Sau da yawa ba dattawan ne da laifi ba, takardar da aka kira su da ita ce ba ta yi aikinta ba. Wannan darasi zai duba abu uku da ajanda mai kyau take ɗauke da su: alamar da ke nuna irin kowane batu, mintocin da aka ba shi, da takardar da aka haɗa masa. Za mu bi misali guda tun daga farko har ƙarshe. Misalin na wata ikilisiya ce da za mu ɗauka tana Unguwar Gabas, mai majalisa ta mutum 12, kuma kuɗaɗen da ke ciki na koyo ne kawai.

Batu iri uku ne, a sa wa kowanne alamarsa

Duk abin da ya zo gaban majalisa yana neman ɗaya daga cikin abu uku. Wani batun sanarwa ce: ana so dattawa su sani, su yi tambaya idan akwai, a wuce. Wani na tattaunawa ne: ana neman ra'ayi da shawara, amma ba yau za a yanke ba. Na uku shi ne na yankewa: kafin a tashi dole majalisa ta ce i ko a'a, a rubuta, a ɗora wa wani aikin. Sakatare ya rubuta kalmar da manyan baƙaƙe a gaban kowane batu: SANARWA, TATTAUNAWA, YANKEWA.

Amfanin alamar yana fitowa ne idan ka ga abin da rashinta ke jawowa. Idan ajanda ta ce "Rufin majami'a" kawai, ma'aji zai zo yana tsammanin za a ji rahoto, shugaban kwamitin gini zai zo yana tsammanin za a ba shi izinin fara aiki, wani dattijo kuma zai zo da tarihin kafintan da ya yi rufin farko. Su ukun duka suna da gaskiya, gama takardar ba ta gaya musu komai ba. Bayan mako biyu sai gardama ta tashi: ɗaya ya ce an amince, ɗaya ya ce magana kawai aka yi.

Saboda haka batun yankewa ba a rubuta shi da kan magana kaɗai. Ana rubuta ainihin kalmomin da za a nemi majalisa ta amince da su. A misalinmu zai zama kamar haka: "Majalisa ta amince a canza kwano da katakon da ya lalace a ɓangaren gabas na majami'a, a kan kuɗin da bai wuce naira 3,080,000 ba, daga asusun gini, a gama kafin 30 ga Afrilu." Wanda ya karanta wannan a gida ya san abin da za a tambaye shi, ya san yawan kuɗin, ya san inda za a ɗebo shi, ya san ranar. Yana iya ƙi, yana iya kawo gyara, amma ba zai ce an shammace shi ba.

Kafin ka sa wa batu alamar YANKEWA, ka tambayi kanka ko wannan majalisa ce take da ikon yanke shi. Tsarin ikilisiyoyi ya bambanta. A ECWA akwai majalisar ikilisiya ta gida, sama da ita akwai LCC, sai DCC, sai GCC. A Angilikan akwai majalisar ikilisiya da ake kira PCC, sama da ita akwai dayosis da bishop. A Baftis kuwa babban taron 'yan ikilisiya ne ke da magana ta ƙarshe a cikin gida. Akwai al'amura, musamman sayar da fili, cin bashi mai yawa ko sauya ma'aikaci, waɗanda a ikilisiyoyi da dama ba a gama su a majalisar gida. Idan batun irin wannan ne, kalmomin su zama "Majalisa ta ba da shawara ga..." a ambaci wurin da za a kai shi. Buɗe tsarin mulkin ikilisiyarku ka duba kafin ka buga ajanda. Wannan ya fi a yanke abu, daga baya wasiƙa ta zo daga sama ta rushe shi.

Yadda ake raba mintoci

Wani marubuci ɗan Birtaniya, C. Northcote Parkinson, ya kawo wani misali na ba'a a 1957. Ya kwatanta wani kwamiti da ya amince da gina tashar nukiliya mai tsadar gaske cikin minti biyu da rabi, sa'an nan ya ɓata minti 45 a kan rumfar ajiye kekuna. Dalilin da ya bayar shi ne, babban abu ya fi ƙarfin fahimtar yawancin 'yan kwamitin, don haka suka yi shiru, amma kowa ya san rumfar keke, kowa yana da abin faɗi. Haka yake a wurinmu. Kowa ya san kuɗin mudun shinkafa a kasuwar Sabon Gari, ba kowa ne ya san kuɗin rufi ba. In ba a rubuta lokaci ba, ƙaramin batu ne zai cinye taron.

Ana fara lissafi daga lokacin tashi. Ka tambaya: ƙarfe nawa ne dole mutane su bar wurin? Majalisar ikilisiya a wannan yanki takan haɗa ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan kasuwa mai shago a Sabon Gari, malamar asibiti mai aikin dare, da tsoho ɗan fansho da zai nemi abin hawa zuwa Basawa ko Palladan kafin duhu. Bari mu ce taron ranar Lahadi ne, daga 3:00 zuwa 5:00 na yamma, wato minti 120. Cire minti 10 ka ajiye a gefe domin abin da ba a zata ba. Saura 110, kuma su kaɗai kake da ikon rabawa. Ga yadda ajandar za ta kasance:

1. 3:00 Addu'a, kiran suna, tabbatar da adadin da ya isa a zauna. Minti 10.
2. 3:10 YANKEWA: Amincewa da ajanda, da bayyana wanda yake da hannu a wani batu. Minti 5.
3. 3:15 YANKEWA: Minit na taron baya da jadawalin ayyukan da aka ɗora. Takarda A. Minti 10.
4. 3:25 SANARWA: Rahoton ma'aji. Takarda B. Minti 10.
5. 3:35 YANKEWA: Gyaran rufin ɓangaren gabas. Takarda C. Shugaban kwamitin gini. Minti 35.
6. 4:10 YANKEWA: Ƙarin albashin mai gadi. Takarda D. Sakataren kuɗi. Minti 10.
7. 4:20 TATTAUNAWA: Sauya lokacin sujadar Hausa da ta Turanci. Takarda E. Minti 15.
8. 4:35 SANARWA: Rahotannin Zumuntar Mata, matasa da mawaƙa. Takarda F. Minti 5.
9. 4:40 Sauran batutuwa. Minti 5.
10. 4:45 Karanta abin da aka yanke, ranar taro na gaba, addu'a. Minti 5.

Lura cewa an rubuta ƙarfen da kowane batu zai fara, ba yawan mintoci kaɗai ba. Da agogon bango ya nuna 3:50 alhali ana kan lamba 4, kowa a ɗakin ya san an makara da minti 15 ba sai shugaba ya faɗa ba. Lura kuma da jerin. Rahoton ma'aji ya zo kafin rufi domin ba a yanke kashe kuɗi kafin a san abin da ke asusu. Rufi ya zo kafin a cika minti 40 da farawa, lokacin da masu makara sun iso, masu sauri kuma ba su fara neman izinin tafiya ba. Rahotannin ƙungiyoyi sun koma ƙarshe domin ko an gajarta su babu abin da zai lalace.

To, daga ina minti 35 na rufi suka fito? Ba a cankar lamba, lissafi ake yi. Mai gabatarwa yana da minti 5, gama an riga an karanta takardarsa. Tambayoyin neman bayani minti 5. Cikin mutum 12, shugaban taro ba zai shiga muhawara ba, mai gabatarwa ya riga ya yi magana, dattijo ɗaya kuma zai fita saboda dalilin da za mu gani a gaba. Saura mutum 9. Kowa ya samu minti 2, ya zama 18. A ƙara minti 2 domin mai gabatarwa ya amsa, ya zama 20. Minti 5 na ƙarshe na karanta ƙudurin ne da ƙidaya hannu. Jimla 35. Wannan lissafi yana nuna maka gaskiyar da ba a son ji: taron awa biyu ba zai ɗauki batu mai nauyi irin wannan fiye da biyu ba. Idan kana da guda huɗu, ko ka kai biyu wata mai zuwa, ko ka kira taro na musamman. Matse su duka a ajanda ɗaya da minti goma goma yaudarar kai ce.

Takardar da ake haɗawa

Iyakance lokaci ba tare da takarda ba zalunci ne, domin kana gaya wa mutum ya yanke cikin minti 35 abin da bai taɓa jin bayaninsa ba. Takarda ce take mayar da karatu da tunani zuwa gida, taro ya zama wurin yanke hukunci. Kowace takarda tana da harafi, harafin yana kan ajanda, yana kuma a saman takardar tare da lambar batun. Kada takardar yankewa ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Ƙiyasin kafintoci, hotuna da rasit su biyo baya ga mai son dubawa.

Takarda C za ta fara da ƙudurin, kalma da kalma kamar yadda yake a ajanda. Sai dalili cikin layi huɗu ko biyar: a damunar bara ruwa ya zuba a wuri shida a ɓangaren gabas, silin ya fara ruɓewa, kafinta ya hau ya tarar gara ta ci wasu katakai. Ba abin mamaki ba ne gabas ta riga lalacewa, gama a ƙasarmu hadarin farkon damuna da iskarsa daga gabas suke bugowa. Daga nan sai zaɓuɓɓuka, kowanne da kuɗinsa da abin da zai biyo baya.

Zaɓi na farko shi ne faci: a toshe ramuka, a canza ƙusoshi, naira 450,000. Yana da sauƙi, amma bai taɓa katakon da gara ta ci ba, kuma iska tana iya ɗaga kwanon. Zaɓi na biyu shi ne canza kwano da katakon ɓangaren gabas kaɗai, naira 2,800,000. An ƙara kashi 10 cikin 100, wato 280,000, saboda farashin kaya yana motsi, kuma sai an kware rufi ake ganin dukan ɓarnar. Shi ya sa ƙudurin ya ce 3,080,000. Zaɓi na uku shi ne sabon rufi gaba ɗaya, naira 6,500,000.

Sai takardar ta faɗi abin da ke hannu: asusun gini yana da naira 3,200,000. Zaɓi na biyu zai bar 120,000 idan an kashe har iyaka. Zaɓi na uku yana da giɓin 3,300,000, wanda ba za a tara shi kafin ruwa ya sauka ba. Dole wannan lamba ta 3,200,000 ta yi daidai da wadda ke Takarda B, ta kuma yi daidai da takardar banki. Idan takardu biyu suka kawo lambobi dabam, minti 35 ɗinka za su ƙare a kan neman wanda ya yi kuskure. Aikin sakatare ne ya gwada su kafin ya raba.

A ƙarshe takardar ta faɗi dalilin da ya sa yau ne. A Zariya ruwa yakan fara wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta. Aikin zai ci mako uku, sayen kaya mako ɗaya. Idan an yanke a farkon Maris, akwai sarari. Idan an ɗage zuwa taron Afrilu, za a kware rufi daidai lokacin da hadari ke fara haɗuwa. Wannan layi ne yake hana kalmar nan mai daɗi, "a bar shi sai taro na gaba", domin ya nuna cewa ɗagewa ma hukunci ne, kuma yana da tsada.

Takarda mai gaskiya tana faɗin raunin shawarar da ta kawo. Idan kwamitin gini ya fi son zaɓi na biyu, ya rubuta cewa ɓangaren yamma ma tsoho ne, zai nemi kuɗi nan da 'yan shekaru, kuma asusun zai kusan ƙarewa. Dattawa sukan gane takardar da aka rubuta domin a tura su gefe guda, kuma da zarar sun gane, ba za su ƙara yarda da takardun wannan kwamiti ba.

Kwanakin shiri da hanyar rabawa

Tsarin mulkin ikilisiyarku ne zai faɗi kwanakin sanarwa, kuma shi ne gaba. Inda bai faɗa ba, ga tsarin da yake aiki. Saura kwana 14, sakatare ya nemi batutuwa daga kwamitoci da ƙungiyoyi. Saura kwana 10, takardu su iso hannunsa, shi da shugaba su zauna su sa alama da lokaci. Saura kwana 7, a raba ajanda da takardu tare. Idan taron na Lahadi ne, Lahadin da ta gabace shi ce ranar rabawa, a miƙa wa kowa nasa bayan sujada. Doka ɗaya ce ke riƙe wannan tsari: batun da takardarsa ba ta iso ba ya sauka daga YANKEWA zuwa TATTAUNAWA. Ka yi haka sau ɗaya ga kwamiti mai ƙarfi, sauran za su koyi kawo takarda a kan lokaci.

Aikawa ta WhatsApp tana da sauƙi, amma a haɗa komai cikin fayil guda na PDF mai lambar shafi, kada a watsa hotuna takwas da za su ɓace cikin gaisuwa. Tsofaffi da waɗanda wayarsu ba ta buɗe irin wannan a buga musu. Majalisa a Sabon Gari takan haɗa masu jin Hausa sosai da masu jin Turanci sosai, don haka aƙalla ƙudurin da lambobin kuɗi su fito cikin harsunan biyu. Dattijon da idonsa ya yi rauni ko karatunsa bai yi nisa ba, a sa wani ɗan majalisa ya je gida ya karanta masa. Hikimarsa ba ta ragu ba don bai iya karanta ƙananan baƙaƙe ba.

Akwai takardar da ba a aikawa ta waya ko kaɗan: maganar horo, rikicin aure, ko zargin da ya taɓa sunan mutum. A ajanda a rubuta "Al'amarin kiwo, na sirri" ba tare da suna ba. A buga kwafi daidai yawan 'yan majalisa, a sa musu lamba, a raba a ɗakin taro, a karɓe kafin a tashi.

A cikin ɗakin taro

Lamba 2 a ajandar tana da gajeren lokaci, amma ita ce ƙashin bayan sauran. Lokacin da majalisa ta amince da ajanda, ta amince da mintocin ke nan. Daga nan agogon ba na fasto ba ne, na majalisa ne. A wannan wuri kuma shugaba yake tambaya ko akwai mai hannu a wani batu. A misalinmu, wani dattijo yana sayar da kayan gini a Sabon Gari, kuma shagonsa na cikin uku da suka ba da farashin kwano. Ya faɗa da bakinsa, a rubuta a minit, ya fita in an iso lamba 5, ya dawo a lamba 6. Wannan ba zargi ba ne, kāriya ce ga sunansa. Sakatare ya sake ƙirga mutane bayan fitarsa. Idan tsarin mulki ya ce mutum 7 ne adadin da ya isa, 11 sun wadatar, amma a ranar da mutum 7 kacal suka zo, fitar mutum ɗaya tana iya hana a yanke batun.

Abin da ya fi ba matashin fasto wuya shi ne tsayar da wanda ya haife shi. A al'adarmu ba a katse babba. Mafita ita ce kada shugaba ya zama mai riƙe agogo. A zaɓi wani dabam, a ba shi kati da zai ɗaga shiru idan saura rabin minti. In lokaci ya cika, shugaba ya taƙaita maganar dattijon da ladabi: "Baba, na ji ka. Kana cewa a duba ɓangaren yamma ma kafin a biya kuɗi. Sakatare ya rubuta. Bari mu ji Mama." Wanda ya ji an maimaita maganarsa daidai ba ya jin an wulakanta shi. Yana kuma da kyau a fara da ƙanana a majalisa, manya su biyo baya, fasto ya zama na ƙarshe. Idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ƙarami ba zai saɓa masa ba, muhawarar ta mutu tun ba ta fara ba.

Idan 4:10 ta yi ba a gama ba, shugaba ba ya ƙara lokaci da kansa, ba ya kuma tilasta ƙuri'a. Zai sa zaɓi uku a gaban majalisa: a kaɗa ƙuri'a yanzu, a ƙara minti 10 daga abin da aka ajiye, ko a ɗage zuwa rana sananniya tare da faɗin abin da ya rage a bincika da wanda zai bincika. Dokokin taro da Henry Martyn Robert ya wallafa a Amirka a 1876 suna neman kashi biyu cikin uku kafin a rufe muhawara ko a taƙaita ta, domin kada masu rinjaye su toshe bakin 'yan kaɗan. Shi Robert injiniyan soja ne, kuma abin da ya tura shi nazarin wannan fanni shi ne wani taro da aka sa shi ya shugabanta a wata majami'a a 1863, ya ga bai san yadda zai bi da shi ba. Ko ikilisiyarku ba ta bin dokokinsa, ƙa'idar tana da kyau: rufe magana ya fi buɗe ta bukatar yardar mutane da yawa.

Idan an kawo gyara, a ce wani ya nemi a rage iyakar kuɗin zuwa 2,900,000, a fara yanke gyaran, sa'an nan a koma ga ƙudurin. Kafin a ɗaga hannu, sakatare ya karanta kalmomin ƙarshe da ƙarfi. Minit ya nuna ƙudurin, yawan masu goyon baya, masu ƙi da waɗanda suka ƙaurace, wanda zai aikata, da ranar kawo rahoto. Wannan ne zai shiga jadawalin ayyuka na Takarda A a taro na gaba.

"Sauran batutuwa" ita ce ƙofar da ɓarna take shigowa. A nan ne wani zai ce, ana tattara jaka, a taimaka wa wane da dubu ɗari biyu. Dokar ita ce ba a yanke kuɗi ko maganar mutum a ƙarƙashin wannan lamba. Abin gaggawa na gaske, kamar iska ta kware rufin ajin yara jiya da dare, a ambace shi a lamba 2, majalisa ta yarda a shigar da shi da lokacinsa, in tsarin mulkinku ya ba da dama.

Inda agogo ba ya aiki

Ba kowane al'amari ne ake aunawa da minti ba. Sulhu tsakanin iyalai biyu, sauraron wanda ake zargi, ko batun da ya raba ikilisiya gida biyu, ba a ba su minti 15 tsakanin albashin mai gadi da rahoton mawaƙa. A keɓe musu zama na kansu. Dubi lamba 7 a misalinmu. Sauya lokacin sujadar Hausa da ta Turanci ba ya cin ko kwabo, amma yana taɓa zuciyar mutane fiye da rufi, domin kowane ɓangare yana iya jin an mayar da shi baya. Shi ya sa aka sa masa TATTAUNAWA yau, a ji ra'ayi, a koma a tuntuɓi jama'a, a yanke a wani zama.

Akwai kuma haɗarin shugaba ya mai da ajanda makami: ya ba abin da yake so minti 5 domin a wuce da sauri, ya tura abin da ba ya so can ƙarshe inda lokaci zai ƙare. Maganinsa shi ne kowane ɗan majalisa yana da ikon neman a sauya jeri ko lokaci a lamba 2.

Yadda za ka gane ko tsarin yana aiki

Sakatare ya riƙa rubuta ainihin ƙarfen da kowane batu ya fara a gefen wanda aka tsara. Bayan taro uku ku duba tare. Idan kullum minit na taron baya yana cin minti 25 maimakon 10, ana karanta shi da ƙarfi ne ko ana sake muhawarar da aka rufe. Idan tambayoyin da ake yi amsarsu tana shafin farko, ba a karanta takardu ba, sai a duba ko sun yi tsawo ko sun makara. Idan batu ɗaya ya fito a ajanda uku a jere da alamar YANKEWA, akwai bayanin da ya ɓace ko kuwa akwai saɓanin da ba a faɗa a fili ba. Idan kuma ana amincewa da komai kafin lokacinsa ya cika ba tare da tambaya ko ɗaya ba, kada ka yi murna, wataƙila an yanke komai a waje, majalisa ta zama ta sa hannu kawai.

Tambayoyi da aiki

1. Ɗauki ajandar taron majalisarku na ƙarshe. Sa wa kowane batu ɗaya daga cikin alamomi uku. Waɗanne ne ka kasa sa musu alama, kuma me ya sa?
2. Zaɓi batun yankewa guda ka rubuta ƙudurinsa cikin jimla ɗaya mai ɗauke da aiki, iyakar kuɗi, asusu da rana.
3. Majalisarku mutum nawa ce? Lissafa mintocin da babban batu zai ci idan kowa ya samu minti 2.
4. Duba tsarin mulkin ikilisiyarku: kwana nawa ne na sanarwa, mutum nawa ne adadin da ya isa a zauna, waɗanne al'amura ne dole a kai gaba?